Wasiƙar da mai ƙera wasa ke rubutawa don neman jari

A kowace shekara ana sakin sababbin wasannin kwamfuta sama da dubu goma a Steam, babbar kasuwar wasanni ta intanet mallakar kamfanin Valve na Amurka. Da yawa daga cikinsu mutum ɗaya ne ya ƙera su a ɗakinsa: shi ne mai rubuta manhaja, shi ne mai zane, shi ne mai tsara matakai. Shiga kasuwar ba wuya, dala 100 ake biya a kan kowane wasa. Wuyar ita ce abin da mutum zai ci a cikin shekarar da zai yi yana ƙarasa aikin. Wannan ne ke sa ya rubuta wa ƙaramin kamfanin wallafa wasiƙa, yana neman su zuba kuɗi, su tallata, in an sayar a raba.

Wasan wasa ƙwaƙwalwa yana da tasa matsalar a nan. Wasan faɗa ko na tsere ana iya nuna shi a bidiyon daƙiƙa talatin ya burge. Shi kuwa wannan, daɗinsa yana cikin kan mai bugawa ne, a lokacin da ya yi minti goma yana kallon allo sannan dabarar ta faɗo masa. Hoto ba ya ɗaukar wannan. Saboda haka layin farko na wasiƙar dole ya faɗi dokar wasan a jimla ɗaya, yadda mai karatu zai fara tunanin matakan da kansa. Dubi Baba Is You, wanda Arvi Teikari ɗan ƙasar Finland ya fitar a 2019. Dokokin wasan rubuce suke a fili cikin filin wasan, kuma ana iya tura kalmomin. In ka ga WALL IS STOP, bango zai tare ka. In ka ture kalma ɗaya jimlar ta karye, sai ka ratsa bangon ka wuce. Duk wanda ya ji wannan ya riga ya gane wasan. Wasiƙar da ta buɗe da tarihin yadda marubucinta ya taso da son wasanni tun yana yaro ta ɓata wurin da ya fi tsada a cikinta.

Bayan wannan jimla sai mahaɗin ɗanɗano, wato wani yanki na wasan da za a iya saukewa a buga nan take. A ganina wannan ya fi duk sauran wasiƙar nauyi. Mai tace wasiƙu a kamfanin yana da tari a gabansa, kuma kaɗan zai taɓa kafin ya yanke hukunci. Yana duba ko matakan farko suna koyar da doka ba tare da dogon rubutu ba, ko akwai maɓallin komawa baya in an yi kuskure, da kuma ko mataki na goma ya kawo sabon tunani ko kuwa na uku ne aka ƙara wa girma. Akwai wani kuskure da masu irin wannan wasa suka cika yi: ɓoye abin mamakin da ke ƙarshen wasan don kada su ɓata wa mai karatu daɗi. Mai zuba jari ba ɗan kallo ba ne. A gaya masa komai, a ba shi hanyar tsallaka matakai ya ga na can ciki, domin tambayarsa ita ce ko dabarar za ta iya ɗaukar wasa cikakke.

Sai maganar kuɗi, inda wasiƙu da yawa ke noƙewa. Mu ɗauki misali, alƙaluman nawa ne don a ga yadda lissafin ke tafiya. Wata mai ƙera wasa tana buƙatar wata 12 ta gama. Ta sa wa kanta dala 2,500 a wata, ya zama 30,000. Mai kiɗa da sauti 6,000, mai taya ta zane 5,000, fassara zuwa wasu harsuna da gwajin neman kurakurai 3,000, sai 4,000 na ko-ta-kwana. Jimla dala 48,000. Wasu kan cire albashin kansu don kuɗin ya yi ƙasa, suna ganin hakan kunya ce ko kara. Kamfanin kuwa abin da yake karantawa shi ne mutumin nan zai nemi wani aiki a wata na biyar, wasan ya tsaya.

Kamfanin zai ɗora nasa kuɗin talla, a ce 12,000, abin da zai fitar ya kai 60,000. Yanzu sai ya juya lissafin. In an sa wa wasan dala 15, ba 15 ke shigowa ba: akwai rangwamen lokutan gwanjo, akwai ƙasashen da ake sassauta wa farashi, akwai haraji, akwai masu mayarwa. A ce abin ya tsaya a dala 10 kan kowane kwafi. Steam na ɗaukar kashi 30 cikin 100, saura dala 7. Raba 60,000 da 7, kusan kwafi 8,600 ke nan kafin uwar kuɗi ta dawo. A yarjejeniyoyi da yawa sai bayan nan ake fara rabo sosai, kuma in rabi da rabi ne, dala uku da rabi ke isa hannun mai wasan a kan kowane kwafi. Wasiƙa mai kyau ita ke yin wannan lissafi da kanta, ta kuma kawo wasanni biyu ko uku masu kama da nata a girma da farashi. Wanda ya kwatanta wasansa da Tetris ko Portal ya nuna bai san kasuwar ba.

Tsawon wasan ma yana shiga lissafi. Steam na mayar wa mai saye kuɗinsa in ya nema cikin kwana 14 kuma bai buga awa biyu ba. Wasan da ake gamawa cikin awa ɗaya da rabi yana cikin haɗari, haka ma wanda ke maƙale mutum tun a mataki na huɗu. Shi ya sa ake so wasiƙar ta faɗi matakai nawa aka gama, nawa suka rage, da abin da aka gani lokacin da baƙi, ba abokai ba, suka gwada: ina suka tsaya, me aka gyara. In wasan yana da shafi a Steam, a faɗi mutum nawa suka sa shi a Wishlist, jerin abin da suke niyyar saye. A kuma faɗi ko an riga an shiga Steam Next Fest, bikin nuna ɗanɗano da ake yi sau uku a shekara, domin sau ɗaya tak ake barin wasa ya shiga, kuma kamfanin zai so ya san ko damar tana nan.

Wa ake aika wa? Ba kowa ba. Draknek & Friends, na Alan Hazelden, ya shahara a irin waɗannan wasanni, shi ya wallafa Bonfire Peaks na Corey Martin a 2021. Annapurna Interactive, wanda ya fi shi girma nesa, shi ya fitar da Gorogoa na Jason Roberts a 2017. Layi ɗaya da ke nuna ka buga abin da suka wallafa, ka kuma san inda naka ya dace, ya fi wasiƙa ɗaya da aka watsa wa kamfanoni hamsin.

Abu biyu ya kamata su fito tun a wasiƙar, ko da a taƙaice. Na farko, mallakar wasan da sunansa za su zauna a hannun wanda ya ƙera. Na biyu, jadawalin biya, don ba a ba da kuɗin a dunƙule. Kashi-kashi ake saki, duk lokacin da aka kai wani zangon aiki da aka amince da shi. Mai aiki shi kaɗai ya sa ranakun da zai iya cikawa ko da zazzaɓi ya kwantar da shi mako biyu, domin in zango ya kuɓuce, kuɗin wata mai zuwa ma sai ya jira.