Sabunta Manhajar Rauta Lafiya, da Yadda Ake Farfaɗo da Ita Idan Aikin Ya Tsaya a Tsakiya

Rauta, wato akwatin nan da ke raba intanet a gida, ofis ko shago, ƙaramar kwamfuta ce mai zaman kanta. Tana da manhajar da ke tafiyar da ita, wadda ake gani a shafin saitinta da sunan `Firmware`. Manhajar tana zaune a wata ƙaramar ma'ajiya da ke manne a jikin allon na'urar, irin wadda ba ta manta abin da ke cikinta ko an ɗauke wuta. Kamfanonin da ke ƙera rauta kan fitar da sabuwar manhaja lokaci zuwa lokaci, galibi don toshe wata kafa da masu kutse suka gano. A shekarar 2018 masu binciken tsaro na Cisco Talos sun bayyana wata muguwar manhaja mai suna VPNFilter da ta kama na'urori aƙalla 500,000 a ƙasashe 54, akasarinsu rautocin gida da na ƙananan ofisoshi. Irin wannan ne ya sa ba a barin rauta shekara da shekaru da manhajar da aka sayo ta da ita.

Haɗarin sabuntawa yana cikin 'yan mintuna kaɗan ne. A yawancin rautoci masu araha ma'ajiyar ba ta da girman da za ta ɗauki manhaja biyu a lokaci guda, don haka sai na'urar ta goge tsohuwar tana rubuta sabuwar a gurbinta. Idan wuta ta ɗauke a wannan tsakanin, tsohuwar ta tafi, sabuwar kuma ba ta cika ba, sai rauta ta kasa tashi. Amma akwai wani ɗan ɓangare na ma'ajiyar da sabuntawa ta yau da kullum ba ta taɓawa. A nan ne ƙaramar manhajar tayarwa take, wadda ita ce ke fara aiki da zarar an kunna na'urar, ta nemo babbar manhajar ta tashe ta. A wasu rautocin sunanta U-Boot, a wasu kuma CFE. Muddin tana nan lafiya, akwai ƙofar da za a sake zuba manhaja ta cikinta, kuma duk dabarun ceto da za a ambata nan gaba ta wannan ƙofar suke bi.

Shiri yana farawa ne daga takardar da ke liƙe a ƙarƙashin rauta. A kanta akwai sunan samfuri da lambar zubi, kuma lambar zubin ce mutane suka fi tsallakewa. Archer C7 na kamfanin TP-Link, alal misali, ya fito a zubi daban-daban, irin su V2, V4 da V5. A ido kusan kamarsu ɗaya, amma kayan cikinsu sun bambanta, kuma kowane zubi da nasa fayil. Haka nan akwai bambancin yanki, inda za a ga an rubuta EU ko US. Wannan ya fi shafar mai rautar da aka shigo da ita ta hannu daga waje, domin ba ƙasar da ake amfani da ita ake dubawa ba, abin da ke rubuce a jikinta ake bi. Daga shafin kamfanin kaɗai ake sauke fayil. Fayil ɗin da aka turo ta waya ko aka kwaso a filashin wani mai gyara ba abin amincewa ba ne, ko da sunansa ya yi daidai.

Idan kamfanin ya wallafa lambar tantancewa tare da fayil ɗin, ana iya tabbatar da cewa ya sauka cikakke. A kwamfuta mai Windows ana rubuta wannan umarni, a sa ainihin sunan fayil ɗin:

```
certutil -hashfile firmware.trx SHA256
```

Jerin haruffa da lambobin da zai fito dole ya zama daidai da wanda kamfanin ya bayar, harafi da harafi. Idan ya saɓa, to intanet ta yanke ana cikin saukewa ko fayil ɗin ya gurɓata, sai a sake saukewa. Fayil ɗin da ya zo a ƙunshe da `.zip` kuma sai an warware shi, domin abin da ke ciki ake ɗorawa.

Sai batun wuta, wanda a wuraren da ake yawan ɗauke ta shi ne babbar barazana. Rautar gida ba ta cin wuta sosai, da yawa suna aiki da adafta mai bolt 12 ne, saboda haka ƙaramar inbata ko batirin ko-ta-kwana da aka cika da caji ya isa ya riƙe ta har a gama. Abin da ya kamata a guje wa shi ne fara aikin a kan janaretan da mansa ya kusa ƙarewa, ko a daidai lokacin da za a sauya layi daga wutar gari zuwa janareta, don yankewar daƙiƙa ɗaya ma ta isa ta lalata aikin. Ƙananan rautocin aljihu masu ɗaukar layin waya suna da batirinsu, sai dai a tabbatar ya cika, a kuma bar su a jone. Ita ma kwamfutar, gara a haɗa ta da rautar da kebul ta ɗaya daga cikin kafofin da aka rubuta wa `LAN`, maimakon a dogara da waifai, wanda kan iya yankewa ana tsakiyar tura fayil.

Kafin a danna komai, a adana saitin rautar. A na kamfanin Asus ana samun wannan a `Administration`, sannan `Restore/Save/Upload Setting`. Yana da kyau kuma a rubuta muhimman bayanai a takarda, kamar sunan waifai, kalmar sirrinsa, da sunan shiga da kalmar sirrin da kamfanin intanet ya bayar idan akwai, domin wani lokaci tsohon fayil ɗin saiti ba ya jituwa da sabuwar manhaja. Mafi muhimmanci duka shi ne a sauke manhajar ceto da bayanin yadda ake amfani da ita tun intanet tana nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: idan rauta ta mutu, intanet ɗin da za a nemo maganin da ita ma ta tafi.

Ainihin sabuntawar ba ta da wuya. Ana shiga shafin saiti ta burauza da adireshin da ke jikin takardar, sau da yawa `192.168.0.1` ko `192.168.1.1`, a je `Firmware Upgrade`, a zaɓi fayil, a tura. Daga nan babu abin da ya rage sai haƙuri. Aikin kan ɗauki 'yan mintuna, fitilu za su yi ta ƙiftawa, rautar za ta kashe kanta ta sake tashi, wani lokaci fiye da sau ɗaya. Ba a rufe burauza, ba a zare kebul, ba a danna kowane maɓalli. Bayan ta dawo sai a sake shiga a duba lambar manhajar, a ga ko ta canza.

Idan kuwa shafin ya tsaya cak, matakin farko shi ne a ƙyale na'urar na tsawon minti 15 ko fiye. Rautoci da yawa da suka lalace, mai su ne ya kashe su da hannunsa saboda ya zaci aikin ya maƙale alhali yana tafiya. Idan lokacin ya wuce babu canji, sai a cire wuta, a ɗan jira, a mayar. Wasu rautocin, kamar WRT3200ACM na Linksys, suna ajiye manhaja biyu, kuma idan sabuwar ta kasa tashi sau uku a jere sai na'urar ta koma kan tsohuwar da kanta. Wani lokaci kuma manhajar ta shiga lafiya, tsohon saiti ne ya rikita ta. Maganin wannan shi ne a danne maɓallin `Reset` na kimanin daƙiƙa 10 na'urar tana kunne, ta koma yadda ta fito daga kamfani. Sai dai a sani cewa `Reset` saiti kawai yake gogewa, ba ya mayar da manhajar da ta gutsure.

Alamar cewa manhajar ce ta lalace ita ce rauta ta yi ta kashe kanta tana kunnawa, ko fitilar wuta ta yi ta ƙiftawa ba tsayawa, waifai bai bayyana ba, kwamfuta kuma ba ta samun adireshi ta kebul. A nan ne ake komawa ga manhajar tayarwa, kuma RT-AC68U na Asus misali ne mai kyau na yadda ake yi. Da yake rautar ba ta iya raba adireshi a wannan hali, sai a sa wa kwamfuta nata da hannu: `192.168.1.10`, tare da `255.255.255.0` a gurbin `Subnet mask`. A kashe waifan kwamfutar don kada saƙo ya bi wata hanya, a jona kebul a kafar `LAN`. Sannan a cire wa rautar wuta, a danne `Reset`, a mayar da wutar yatsa na kan maɓallin, kada a saki sai fitilar wuta ta fara ƙiftawa a hankali. Wannan ƙiftawar ce shaidar cewa ta shiga yanayin ceto tana jiran fayil. Ana iya gwada ta da wannan:

```
ping 192.168.1.1
```

Idan amsa ta dawo ɗauke da `TTL=100`, manhajar tayarwa ce ke magana, domin babbar manhajar da `TTL=64` take amsawa. Daga nan sai a buɗe manhajar kamfanin mai suna Firmware Restoration, a zaɓi fayil ɗin da ya dace da samfurin, a danna `Upload`. Idan ta ce ba ta ga na'ura ba, yawanci garkuwar tsaron kwamfutar ce ta tare ta, sai a dakatar da ita na ɗan lokaci a sake gwadawa. Bayan fayil ya gama tafiya rautar tana buƙatar ƙarin wasu mintuna tana rubutawa, kuma ƙa'idar nan ta rashin taɓawa tana nan daram. Idan ta tashi, a yi mata `Reset`, a mayar da kwamfuta kan karɓar adireshi da kanta, a kunna garkuwar, sannan a shigar da saiti.

Sauran kamfanoni ma wannan turbar suke bi, bambancin yana cikin ƙananan bayanai ne. Da yawa daga rautocin Netgear ana tura musu fayil ta hanyar TFTP jim kaɗan bayan kunnawa. Wasu na TP-Link kuma su ne ke zuwa neman fayil a kwamfutar, a wani takamaiman adireshi da takamaiman suna, kuma harafi ɗaya idan ya kuskure ba za su ɗauka ba. Don haka bayanin samfurin da ke hannu ake bi, ba na maƙwabcinsa ba.

Akwai inda ikon mai gida yake ƙarewa. Idan babu fitilar da ta kama, a fara gwada wata adafta mai bolt iri ɗaya, domin adafta ta fi rauta saurin mutuwa. Idan fitilu suna kamawa amma yanayin ceto ya ƙi shiga, mai yiwuwa manhajar tayarwar ce ta taɓu, kuma gyaranta sai an buɗe akwatin an jona waya a jikin allo ko an ciro ma'ajiyar an sake rubuta ta da na'ura ta musamman. Wannan aikin ƙwararren mai gyara ne, yana kuma soke garanti, kuma a rauta mai araha kuɗinsa kan kusanci na sabuwa. Rautar da kamfanin sadarwa ya bayar tare da layi ko kebul ɗinsa kuwa, sau da yawa kamfanin ne ke tura mata sabuntawa daga nesa da manhajar da ya yi wa gyare-gyarensa. Ba a ɗora mata fayil daga waje, kuma idan ta tsaya, ofishinsu ake mayar da ita tare da rasit.