Kuɗin hayar shago a tsakiyar damina: Yadda ɗan kasuwa zai rubuta wa mai shago takardar neman sauƙi

Duk wanda ya taɓa riƙe shago a Goronyo, Wurno ko Rabah ya san watan Agusta. Manomi ya zuba abin hannunsa a taki da kuɗin ƙwadago, hatsin rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani kuma bai iso gida ba. Mai sayen kwalin sabulu a da, yanzu guda ɗaya yake nema, wani lokacin ma bashi. Idan wa'adin kuɗin haya ya faɗo a wannan tsakani, ɗan kasuwa yakan rasa inda zai sa kansa.

Kasuwar wannan yanki tana bin kalandar gona ne. Kuɗi na shigowa da kaka, wajen Oktoba zuwa Disamba, sannan su sake shigowa idan masu noman rani da ke amfana da ruwan gulbin Rima da madatsar Goronyo suka cire albasa da tafarnuwa. Ban da wannan akwai matsalar tsaro. Harin da aka kai kasuwar mako ta Goronyo a watan Oktoban 2021, wanda ya yi sanadin rasa rayuka da dama, ya nuna yadda ciniki kan mutu a rana guda idan mutanen ƙauye suka ji tsoron hanya.

A irin wannan hali, da yawa sukan je su gaida mai shago su ce a yi musu haƙuri. Shi kuma ya ce ba komai. Matsalar tana nan: "ba komai" ba ta da rana, ba ta da adadi. Bayan wata biyu ɗan haya yana ganin an ba shi har kaka, mai shago yana ganin mako biyu ya bayar. Idan kuma shagon na gado ne, wanda ya yi alkawarin ba lallai ne shi zai zo karɓar kuɗin ba. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci, aya ta 282 kuma ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu. Don haka takarda ba raini ba ce.

Lissafi kafin rubutu

Mu ɗauki misalin mai shagon tireda da ke biyan naira 120,000 a shekara, wa'adinsa 1 ga Agusta. Da kaka yana cinikin kusan naira 40,000 a rana, yanzu ya dawo 15,000. Kayan da ke shagon ba su wuce na naira 300,000 ba. Idan ya cire kuɗin shekara gaba ɗaya, kashi 40 cikin ɗari na jarinsa ya tafi, kuma kaka za ta same shi da kanta babu kaya.

Amma naira 120,000 a shekara daidai take da naira 10,000 a wata. Idan ya biya 40,000 ranar 1 ga Agusta, ya biya har ƙarshen Nuwamba ke nan. Wata 40,000 a ƙarshen Nuwamba za ta kai shi ƙarshen Maris, ta uku kuma ta kai shi ƙarshen Yuli. A wannan tsari babu ranar da zai zauna a shagon ba tare da ya riga ya biya ta ba. Wannan ita ce hujjarsa mafi ƙarfi, kuma biya na biyu da na uku sun faɗo daidai lokacin kaka da lokacin albasa.

Neman ragi ya fi wuya. Mai shago yana tsoron abu biyu: kada ragin ya zama farashin dindindin, kada kuma sauran 'yan haya su ji su ma su zo. Wanda zai nemi ragi sai ya faɗi adadinsa da ranar ƙarewarsa.

Ga yadda takardar za ta iya kasancewa:

"Assalamu alaikum, Baba Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali.

"Ni ne ɗanku da ke haya a shago na uku, shekara huɗu ke nan, kuma ban taɓa wuce wa'adi ba. Kuɗin bana, naira 120,000, zai cika ranar 1 ga Agusta. Ciniki ya ja baya ƙwarai a wannan damina, littafin shago yana nan idan kuna son dubawa.

"Ina roƙon a raba mini kuɗin gida uku: naira 40,000 ranar 1 ga Agusta, 40,000 ranar 30 ga Nuwamba, 40,000 ranar 31 ga Maris. Kowane biya zai riga watanninsa zuwa. Wannan tsari na bana ne kawai. Idan na saɓa rana ɗaya ba tare da na sanar da ku ba, kuna da damar neman ragowar gaba ɗaya.

"Idan kun amince, ina roƙon mu sa hannu a gaban mutum biyu. Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri."

Takardar ba ta lissafa rashin lafiyar iyali ko kuɗin makaranta ba, domin shi ma mai shagon yana da nasa. Ba ta kuma kawo zancen rufin da ke yoyo ba. Haɗa ƙorafi da roƙo yakan sa a ga kamar ana neman hanyar ƙin biya ne.

Yadda ake miƙa ta

A kai ta wata guda kafin wa'adi, ba bayan an fara aiko yaro ba. A kai da hannu, tare da dattijon da mai shagon yake jin nauyinsa, kamar limamin unguwa ko shugaban 'yan kasuwar layin. A rubuta da boko ko ajami, duk wanda mai shagon ya fi karantawa. A yi kwafi biyu, kowa ya riƙe ɗaya, a kuma ɗauki hotonta a waya. Idan dillali ne ke karɓar haya, a tabbata maganar ta isa ga mai shagon kansa. Kowane biya a karɓi rasit.

Inda abin kan lalace

Kuskure mafi yawa shi ne sa ranar da ba za a iya cikawa ba don a faranta wa mai shago. Saɓa biya na farko yakan rushe duk yarjejeniyar. Na biyu shi ne yarda da ƙari saboda jinkiri. Idan kuɗin ya riga ya zama bashi aka ce a biya 130,000 maimakon 120,000 don an ƙara lokaci, wannan ya shiga babin riba, sai a tuntuɓi malami kafin a sa hannu.

Akwai kuma alamun cewa ba a karɓi roƙon ba ko da ba a faɗa ba: mai shago ya ƙi karɓar kason farko, ko dillali ya fara kawo baƙi suna leƙen shagon. Ɗan haya ya sani cewa mai shago ba dole ne ya amince ba, takarda roƙo ce. Sai dai a tsarin dokokin haya na Najeriya, ba a fitar da ɗan haya ta hanyar sa kwado ko watsa kayansa waje. Ana ba da sanarwa a rubuce, sannan kotu ta yanke hukunci.

Idan tsarin ya tafi daidai a shekarar farko, akwai abin da ya kamata a nema a ta biyu: a biya wata huɗu a Agusta, sannan a mayar da farkon shekarar haya 1 ga Disamba. Daga nan wa'adi zai riƙa zuwa ne lokacin da gero da shinkafa suka shiga kasuwa, manomi yana da kuɗi a aljihu.