Anko Ɗaya, Launi Uku: Gyaran Hotunan Biki a Lightroom

Anko ne ya fi saurin tona asirin hoton biki. Dangi sun ɗinka atamfa iri ɗaya, amma da hotuna suka fito, a tsakar gida shuɗiya ce, a ƙarƙashin rumfa ta koma kamar algashi, a zauren walima kuma ta yi rawaya. Laifin na haske ne. Hasken rana kimanin Kelvin 5500 ne, na ƙwan lantarki mai jaja-jaja kuwa wajen 3000, kuma kyamarar da aka bari ta zaɓi farinta da kanta sabon hasashe take yi a kowane hoto.

Shi ya sa gwanin Lightroom Classic ba ya gyara hoto ɗaya ya watsa gyaran a kan ɗaruruwa. Sai ya fara ware su bisa hasken da aka ɗauke su a ciki: na ɗaurin aure daban, na kamu daban, na dare daban.

A kowane rukuni yakan zaɓi hoto guda mai fuska da anko a sarari, ya buɗe shi a Develop, ya danna W, sannan ya taɓa wani abu fari ko ruwan toka. Nan ake yawan yin tuntuɓe. Farar shaddar da ta sha bula ba fara ba ce tas; in ita aka taɓa, manhajar za ta kashe shuɗin da rawaya, fuskoki su fito kamar masu shawara. Farin faranti ko takarda sun fi aminci. Idan tamfal ya zuba wa mutane kore, sai a ja Tint zuwa dama kaɗan, ido yana kan fata.

Da hoton ya zauna, sai a riƙe Shift a zaɓi sauran 'yan rukunin, shi wanda aka gyara ya kasance a gaba, a danna Sync. Akwatin Synchronize Settings zai fito. White Balance da saitin launi su ake tura wa kowa. Crop da Masking a cire musu alama, don kan amarya ba wuri ɗaya yake a duk hotuna ba. In kuma farin yana kan As Shot, ko an yi Sync kowane hoto zai tsaya da nasa.

Haske da duhu kuwa akwai Match Total Exposures a jerin Settings, amma da saitin kyamara kaɗai yake lissafi, bai san gajimare ya rufe rana ba.

Hotunan da 'yan uwa suka turo daga waya su ma rukuninsu daban. Galibinsu JPEG ne, Temp ɗinsu daga -100 zuwa +100 yake, ba Kelvin ba kamar na RAW. Waɗannan sai a danna Shift+R, a kafa gyararren hoto a gefe, a bi su ɗaya-ɗaya har ankon ya dace.