Lambar tikiti a hannu, ina motar take? Yadda ake gano ta a tashar Esenler

Fasinjan da ya fito daga jirgin ƙasa na M1 a zangon Otogar, tsakiyar babbar tashar motocin Istanbul ya faɗo, wadda kowa ke kira Esenler. An buɗe ta a 1994, da ofisoshin tikiti 168 jere sun kewaye wani makeken fili, ga kuma wuraren lodi 324 a bayansu. 'Yan kasuwa da ɗaliban da ke zuwa Turkiyya daga Kano ko Yamai sukan iso nan da saƙo ɗaya tak a waya: sunan kamfani, lokacin tashi da wata lamba mai suna PNR. Da yawa sai su shiga neman wannan lamba a jikin alluna, alhali ba a rubuta ta a ko'ina ba.

PNR ba ta nuna wuri. Lamba ce da kwamfutar kamfani ke gane fasinja da ita, ta fito da sunansa da kujerarsa da motarsa. Abin da ke kai mutum bakin mota shi ne sunan kamfanin, domin kowane kamfani da ofishinsa mai lamba a saman ƙofa, motocinsa kuma a bayan ofishin suke lodi. Ta ƙofar gaba ake shiga, a fita ta baya. Ko da an sayi tikitin a manhaja irin ta Obilet, ofishin Obilet ba shi za a nema ba. A duba ko motar ta Kamil Koç ce, ta Pamukkale ko ta Metro Turizm. In saƙon na ɗauke da kalmar Peron, lambar da ke gabanta ita ce wurin lodi. In babu, nuna sunan kamfanin ga ma'aikacin tsaro ya fi bin masu kiran sunayen garuruwa a fili, waɗanda, kamar 'yan kamashon tashoshinmu, nasu kamfanin suke wa farautar fasinja.

A ɗauki ɗalibin da zai tafi Afyon da dare. Ya shiga ofis, ya miƙa wayarsa da fasfo. Ma'aikaci ya buga PNR, ya tabbatar masa da Kalkış, wato lokacin tashi, da Koltuk, lambar kujera. A nan ya kamata ya roƙi a rubuta masa abu biyu a takarda: garin da motar za ta ƙare tafiyarta, da Plaka, lambar da ke jikin motar, in an riga an san wadda za ta tafi.

Ga dalili. Da ya fita ta baya zai iya tarar da motoci uku ko huɗu masu fenti iri ɗaya, kuma babu wadda aka rubuta wa Afyon. Allon gaban mota yawanci zangon ƙarshe yake nunawa, motocin Antalya kuwa da dama ta Afyon suke bi. Ɗalibin da ya tsaya jiran allon Afyon yana kallo tasa za ta tashi. Akasin haka ma na faruwa: kamfani ɗaya kan tura motoci biyu gari guda da tazarar rabin awa, wanda ya shiga ta farko ya tarar da wani a kujerarsa. Lambar mota ce ke raba gardama, amma a karanta ta duka. Lambobi biyu na farko, 34 na Istanbul ko 06 na Ankara, inda aka yi wa motar rajista suke nunawa, ba inda ta nufa ba.

Tabbaci na ƙarshe yana hannun yaron mota, wanda Turkawa ke kira muavin. Jerin fasinjoji na wurinsa, shi ne kuma ke sa kaya a but ya ba da 'yar takardar shaida. Hikima ita ce a nuna masa saƙon ya ga suna kafin a miƙa jaka, saboda jakar da ta shiga motar da ba taka ba, dawo da ita aiki ne babba.

Kuskure biyu tun daga gida ake tafka su. Na farko, Istanbul ba tasha ɗaya gare ta ba: akwai Alibeyköy, akwai Harem da Dudullu a ɓangaren Asiya, kuma tikitin yana faɗin inda za a hau. Wanda ya gane haka a bakin ofishin Esenler saura minti goma, da wuya ya cim ma motarsa. Na biyu shi ne motar 00:30. In tikitin ya ce Talata, to daren Litinin wayewar Talata ake nufi, kuma fasinjan da ya zo daren Talata zai tarar motarsa ta tashi tun jiya, sai ya sake sayen wani tikitin.