Sikirinshot Iƙirari Ne, Sai An Ga Asalinsa

Hoto ya shigo guruf ɗin WhatsApp ɗauke da sunan wani babba, da fuskarsa, da wata magana mai tayar da hankali. Abin da ke sa mutane su gaskata shi ne ganin kamar waya ce ta ɗauko shi da kanta, ita kuwa waya ba ta ƙarya. Amma sikirinshot yana nuna abin da ke kan allon wani mutum ne kawai a wani lokaci, kuma mai allo yana da iko da allonsa. Duk wanda ya buɗe shafin X ko Facebook a kwamfuta, ya danna dama a kan rubutu ya zaɓi Inspect, zai iya share kalmomin ya rubuta nasa, sannan ya ɗauki hoto. Ainihin shafin bai canja ba, amma hoton zai fito da salon haruffa da launi na gaske, ba tabo ko ɗaya. Na hirar WhatsApp ma ya fi sauƙi: mutum ya ajiye lambar wayarsa ta biyu da sunan wanda yake so, ya sa mata hotonsa, ya yi hira da kansa.

Shi ya sa shawarar da aka saba bayarwa, wai a ƙura wa hoton ido a nemi alamar gyara, ba ta wadatar ba. Tana kama jabun da aka yi da gaggawa, inda haruffa suka bambanta ko aka yanke ranar da aka wallafa, amma gwani ya wuce nan. Ta kuma gaza gaba ɗaya a kan wanda aka datse, domin shi ba a taɓa ko harafi ɗaya ba. A ce malami ya rubuta cewa wasu na cewa rigakafi na hana haihuwa, sannan a layi na gaba ya ce wannan ƙarya ce. Mai almakashi ya yanke farko da ƙarshe, ya bar tsakiya. Kowace kalma ta malamin ce, amma an sa shi ya faɗi kishiyar abin da yake nufi. Maganar da ta fara a tsakiyar jimla, ko amsa da ba a ga tambayarta ba, ko rubutun da ya ƙare da See more ba a buɗe shi ba, duk suna nuna akwai saura. Hanyar da ta rage ita ce wadda malaman hadisi suka san darajarta tun da can, wato bin isnadi. A je shafin mutumin, a duba sunan da ke bayan alamar @ harafi da harafi, a nemi maganar. A X, idan aka rubuta from: haɗe da sunan shafin, aka ƙara kalma biyu daga maganar, binciken zai tsaya a kan rubutunsa shi kaɗai.

Wani zai ce ai ya goge ne, shi ya sa ba a gani. Gaskiya ne ana gogewa, amma maganar babba ba ta ɓacewa shiru. A farkon watan Yunin 2021 kamfanin Twitter ya cire wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari da ya taɓo yaƙin basasa. Ba wanda ya yi shakkar an rubuta shi, domin jaridu sun riga sun ruwaito, mutane da yawa sun ɗauki hotonsa, gwamnati ta mayar da martani, har ta dakatar da dandalin a Najeriya zuwa Janairun 2022. Haka sawun saƙon gaske yake: hotuna iri-iri daga wayoyi daban-daban, wani allonsa fari wani baƙi, yawan masu tsokaci ya bambanta domin ba lokaci ɗaya aka ɗauka ba. Idan kuwa duk inda ka ga hoton yankansa ɗaya ne, lissafin masu tsokaci ɗaya, har cajin batirin da ke saman allo ɗaya, to daga hannu guda ya fito, ko da mutum dubu suka tura maka.

Akwai kuma mai cewa ai shuɗin maki na jikin sunan. Makin ma ɓangaren hoton ne, ana liƙa shi kamar komai, kuma tun Nuwambar 2022 ana sayensa da kuɗi a X. A watan ne wani shafin bogi mai makin ya yi amfani da sunan kamfanin magunguna na Eli Lilly ya ce insulin ya zama kyauta. Hujjar da ta fi wuyar turewa ita ce "ai zai iya faɗa, halinsa ne". Mai ƙirƙira ya san abin da jama'a ke zargin mutum da shi, kuma a kansa yake ɗora jabunsa, domin ya san mai jin haushi ba ya neman adireshin shafi kafin ya tura.