Unguwar da ta fi kuka ba lallai ita ta fi juji ba

A kowane ofishin kwashe shara akwai littafin ƙorafi, ko na takarda ko saƙonnin da suka taru a wayar wani ma'aikaci. Wannan ya kira ya ce motar ba ta zo layinsu ba, wancan mai unguwa ya aiko cewa bola ta tumbatsa har ta toshe kwata. A ƙarshen wata shugaba ya tambayi inda matsalar ta fi ƙamari, sai kowa ya ambaci unguwar da ta fi damunsa da kira. Jadawalin Excel yana iya ba da amsar da ta fi wannan, muddin an san abin da ake ƙirgawa.

Kowane ƙorafi a ba shi layi guda, a rubuta unguwa, wurin tara sharar, ranar da ya kamata motar ta zo, da ranar da aka kwashe daga baya. Tun daga gurbin unguwa ake fara tuntuɓe. A Kano wani zai rubuta Rijiyar Lemo, wani R/Lemo, wani kuma Rijiyar Lemu, kwamfuta kuwa unguwa uku za ta gani, ta raba musu ƙorafin, kowacce ta fito kamar lafiya lau. Maganinsa `Data Validation`: a jera sunayen unguwanni sau ɗaya, mai shigar da bayani ya riƙa zaɓa maimakon rubutawa. Haka ma wuraren bola, kowanne a ba shi lamba, don "bayan masallaci" akwai shi a kowane lungu.

Mu ƙaddara unguwanni biyu. A wata guda ta farko ta kawo ƙorafi 60, ta biyu 14. Wanda ya tsaya nan zai tura motoci ta farko. To amma idan mota ta yi fashi rana ɗaya a layin da mutanensa ke da waya da bakin magana, mutum biyar na iya kira kan bola ɗaya. Fashin ɗaya ne, kiran ne biyar. Don haka abin ƙirgawa shi ne wuri da rana a haɗe. A Excel `Remove Duplicates` kan waɗannan gurabe biyu zai tace su, sai dai a yi shi a kan kwafi, domin yana goge layuka. Idan bayanan sun yi yawa har an zuba su a rumbu irin SQLite, wannan tambayar ta wadatar:

```sql
SELECT unguwa,
       COUNT(DISTINCT wuri || '-' || ranar_kwasa) AS fashi
FROM korafi
GROUP BY unguwa
ORDER BY fashi DESC;
```

A ce bayan tacewa 60 ta koma 16, 14 kuma ta koma 12. Har yanzu ta farko ce a gaba, amma da sauran rina a kaba, domin girmansu ba ɗaya ba ne. Ta farko wuraren tara shara 40 gare ta, ana zuwa kowanne sau biyu a mako, wato zuwa 320 a mako huɗu. Fashi 16 cikin 320 kashi 5 ne cikin ɗari. Ta biyu wurare 5 kacal, zuwa 40, kuma an tsallake 12, kashi 30 cikin ɗari ke nan. Kusan duk zuwa uku sai an yi musu fashin ɗaya, alhali a littafin ƙorafi da ƙyar ake jin ɗuriyarsu.

Gano unguwar rabin aiki ne, saura dalili, kuma a cikin waɗannan layuka 12 yake. A jera su bisa rana. Idan duk Talata ce, a duba motar da ke wannan zagaye, wataƙila unguwar ce ƙarshen hanyarta, tana isowa ta riga ta cika. Idan mafi yawansu bola ɗaya ce, to matsalar wurin ce: lungu ya matse, ko 'yan tebur sun tare mashiga. Idan kuwa sai a Agusta abin ke tashi, a je a ga hanyar bayan an ɗauke ruwa.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne unguwar da ba ta fito a sakamakon ba sam. Tambayar da ke sama ba ta nuna unguwar da babu ƙorafinta ko ɗaya, ba ma za ta rubuta mata sifili ba. Wataƙila ana kwashe musu a kan kari. Wataƙila kuma sun kira sun gaji, sun koma ba yara masu baro ɗan abin hasafi suna kai sharar kududdufi. Sai a ɗauko cikakken jerin unguwanni a gwada da sakamakon, duk wadda ta yi wata uku shiru a tura mutum da babur ya je ya duba bolarta da idonsa.