Yadda binciken kammala digiri ya zame wa wata matashiya shaidar iya aiki

Sau huɗu wata matashiya a Kano da ta karanci ƙididdiga tana neman aikin tattara bayanai, amma ko ganawa ba a kira ta ba. Duk sanarwar da ta gani gogewar shekara 2 ake nema, ita kuwa ba ta da komai sai kwalin digiri da shaidar hidimar ƙasa.

A karo na biyar ta sauya salo. Maimakon rubuta taken bincikenta na ajin ƙarshe kawai, sai ta bayyana abin da ta yi da hannunta: ta tsara tambayoyi, ta zanta da 'yan kasuwa 120, ta tace amsoshin a Excel, ta cire 9 da aka maimaita.

Haka ta yi da aikin sa-kai na rigakafin shan inna, inda ta cike rajistar gida-gida na kwana 4. Ta rubuta ƙarara cewa sa-kai ne, ta kuma nemi izinin shugabar tawagarsu kafin ta sa ta a matsayin shaida.

A ganawar da ta biyo baya, ba a tsaya kan darajar digirinta ba. An tambaye ta yadda ta gano amsoshin da aka maimaita. A nan ne asirin wanda aka rubuta wa bincike ke tonuwa.

Ita kuwa ta buɗe kwamfutarta ta nuna musu layi-layi. Yanzu tana watan gwaji.